Za mu buɗe shago na biyu a Farm Centre, amma wasu na cewa na yi gaggawa

Auwalu_RijiyarZaki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan gaisuwa, ina sanar da ku cewa ranar Asabar mai zuwa in sha Allahu za mu buɗe shagonmu na biyu a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, Kano. Na Rijiyar Zaki yana nan daram, ba tashi muka yi ba. Kayan da kuka san mu da su ne: caja, wayar caji, fawa bank, iyafis, gilashin fuskar waya, rigar waya da memori. Abin da ya ƙaru shi ne a sabon shagon za mu riƙa ba da sari, daga dozin zuwa kwali. Ranar buɗewa duk wanda ya sayi fawa bank za mu manna masa gilashi kyauta. Garantinmu na nan yadda yake, wata uku a caja da fawa bank, da sharaɗin ka zo da rasit. Za a yi addu'a da ƙarfe goma na safe.

Sannan ina neman shawarar waɗanda suka riga mu a harkar. Tun da na kama shagon mutum biyu suka ce min na yi gaggawa, wai kasuwa ba unguwa ba ce. Kuɗin haya dai an riga an biya, sai ku faɗa min inda zan taka a hankali.

Maman_Hanifa:
Ma sha Allah. Allah ya sanya albarka, ya kawo kasuwa mai amfani, ya tsare ku daga asara.

Bash_MaiAdaidaita:
Oga Auwalu Allah ya sa a fara a sa'a. Akwai iPhone 11 na hannu? Nawa ne ƙarshe?

Auwalu_RijiyarZaki:
Bash, kayan waya muke sayarwa, ba wayar ba. Amma ka zo, maƙwabtana duk ita suke sayarwa, sai na haɗa ka da wanda na yarda da shi.

Alh_Garba_Kwari:
Auwalu, Allah ya yi albarka. Ni ba harkar waya nake ba, atamfa da shadda nake sayarwa, amma na taɓa buɗe shago na biyu na rufe shi da hannuna, don haka bari in yi maka tambaya. Wayar caji guda ɗaya, nawa take faɗo maka, nawa kake sayarwa a unguwa, nawa kuma za ka ba da ita sari a kasuwa?

Auwalu_RijiyarZaki:
Ranka ya daɗe Alhaji, mai matsakaicin kyau tana faɗo min wajen naira 700 idan na ɗauki kwali. A Rijiyar Zaki 1,500 nake sayarwa, mai ciniki ya saya 1,300. A kasuwa kuwa ba za ta wuce 850 ba a sari, don na zagaya na ji farashin maƙwabta.

Alh_Garba_Kwari:
To ka ga abin da mutanen nan biyu suke nufi. A unguwa ribarka 800 a guda, a kasuwa 150. Yanzu ka ɗauki hayar shekara ka raba goma sha biyu, ka ɗora kuɗin yara, abincinsu, kuɗin wuta, gadi, shara, haraji da na ƙungiya. A ce duka sun tashi 250,000 a wata, misali nake yi, kai ka san ainihin lissafinka. Da ribar unguwa, wayar caji ɗari uku da 'yan kai ta rufe maka wannan. Da ribar sari sai ka sayar da kusan 1,700 kafin ka ce ka ci kwabo. Ka raba a kwana 26, sama da guda sittin ke nan kullum, daga nan ne riba za ta fara.

Ba wai ba za a iya ba. A kasuwa mutum ɗaya zai iya ɗaukar dozin biyar a tsaye. Amma mai ɗaukar dozin biyar yana da wanda ya saba da shi shekara da shekaru, kuma wancan yana ba shi kaya ya je ya sayar ya kawo kuɗi. Ranar da ya zo wurinka abin da zai fara nema ke nan. In ka hana ya tafi, in ka ba shi jarinka ya koma littafi. Ni abin da ya karya nawa shagon ke nan. Ciniki kullum ana yi, kanta tana ragewa, littafin bashi yana ƙiba.

Ɗan_Tarauni:
Alhaji ya faɗi gaskiya, amma ba duka cinikin Farm Centre ne sari ba. Wanda ya sayi sabuwar waya ba ya fita daga kasuwar sai ya sa mata gilashi da riga. Wannan cinikin ɗai-ɗai ne, kuma ribar gilashi ta fi ta komai. Tambayar ita ce a ina shagon yake? Ƙasa ne a bakin hanya ko sama?

Auwalu_RijiyarZaki:
Bene ne, hawa na farko, kusa da matattakala.

Ɗan_Tarauni:
Hmm. To ka manta da mai wucewa. Masu tebur a ƙasa sun tare shi tun kafin ya ɗaga kai. Sai dai ka shirya da masu sayar da waya biyu ko uku su riƙa turo maka, kana ba yaransu ɗan ihsani a kowane gilashi. Haka ake yi.

Zee_BUK:
Allah ya sa alheri Yaya Auwalu. Mu dai kar a kwashe kaya masu kyau a kai can a bar mana ragowa. Kuma tunda an zo maganar, fawa bank ɗin da na saya a wurinku an rubuta 20,000mAh, wayata batirinta 5,000 ne. Lissafi ya ce sau huɗu. Sau biyu da rabi take min ta mutu. Ban dawo da ita ba ne don kunya, amma abin yana raina.

Sadiq_Gwale:
Jabu ce kawai. Duk fawa bank ɗin da ke ƙasar nan ƙarya ake rubutawa a jiki. Wata ma yashi ake ɗurawa a ciki.

Injiniya_Sabo:
Sadiq, rabin maganarka gaskiya ce, amma ba a kan ta Zee ba. Ni gyaran waya nake, kuma na buɗe fawa bank ba adadi. Ƙanwata, in har taki tana cika waya mai 5,000 sau biyu da rabi, to mai kyau ce, ki riƙe abarki.

Ga dalili. Wannan 20,000 ɗin da aka rubuta, na batiran da ke cikinta ne, kuma su a kan bolt 3.7 suke. In kika ninka 20,000 da 3.7 kika raba da dubu, za ki samu 74. Ki duba bayanta, za ki ga an rubuta 74Wh da ƙananan baƙi. Wannan ne ainihin abin da ke cikin tulun. To amma ba a bolt 3.7 wutar ke fita ba, sai na'urar ciki ta ɗaga ta zuwa bolt 5 ko sama da haka. In ta shiga wayarki, ita kuma ta sake sauke ta zuwa abin da batirinta ke karɓa. Hawa da saukar nan duka suna cin wuta, shi ne ɗumin da kike ji a jikin fawa bank ɗin da bayan wayar. Kafin a gama, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Abin da ya isa batiri bai fi 50 ba cikin 74 ɗin nan. Batirin wayarki kuma wajen 19 yake ci kafin ya cika. Raba 50 da 19, kin ga sau biyu da rabi da ɗan ɗori. In kina latsa wayar tana caji, ko kina kallo, ya ƙara raguwa.

Kamfanonin kirki ma ba sa ɓoyewa. A jikin kwalin za ki ga wata lamba ta biyu a gefen rubutun Rated capacity, yawanci tsakanin 12,000 da 13,000 ga mai 20,000. Mutane ba sa karantawa ne.

Zee_BUK:
Kai, na duba yanzu, wallahi 74Wh ɗin na nan. Yaya Auwalu a yafe ni, na zarge ka a zuci.

Auwalu_RijiyarZaki:
Ba komai ƙanwata, ba ke kaɗai ba ce. Rabin rigimar da nake yi a shago a kan wannan lissafin ne. Na gode Injiniya, ni ban iya bayaninsa haka ba.

Sadiq_Gwale:
To maganar yashi fa? Ƙarya na yi?

Injiniya_Sabo:
Ba ka yi ƙarya ba, na gani da idona. An kawo min wata da aka rubuta 30,000, na buɗe na tarar da gwangwanin batiri shida, biyu ne kawai aka jona, sauran huɗun ba komai a ciki sai yashi don ta yi nauyi. Shi ya sa nauyi kaɗai ba ya wanke kaya. Yana dai kama ɓarawo ta gefe ɗaya: mai 20,000 ta gaskiya tana kai giram 400 ko kusa da haka, wato ta ninka nauyin waya. In ka ɗaga ka ji ta sakayau, ko ka ga siririya kamar waya an rubuta 50,000, ajiye musu. Amma in ta yi nauyi, ba shi ke nan ba.

Gwajin da kowa zai iya yi a gida shi ne lokacin da take ɗauka ta cika. Ka bari ta mutu gaba ɗaya ka jona ta. Mai 20,000 a cajar da ba ta sauri, kwana take yi, awa takwas zuwa goma. Da caja mai sauri ma yawanci sai ta ci awa biyar ko shida. In ta nuna maka ta cika cikin awa biyu a cajar da ba ta sauri, to tulun ƙarami ne, ko me aka rubuta a jiki.

Hajiya_Binta_Kaya:
Malam Auwalu barka. Ni daga gida nake sayarwa, ina sakawa a WhatsApp mata suna saya. Tambayata biyu. Sari daga guda nawa yake farawa, don ni ba zan iya kwali ba? Sannan in na sari fawa bank goma, na sayar, bayan wata biyu aka dawo min da biyu, garantin ya shafe ni ko sai wanda ya saya a hannunku kai tsaye? Na taɓa sarar guda ashirin a wani wuri, bakwai suka dawo, na koma mai shagon ya ce kayan sari ba a dawowa da su. Da kuɗina na biya matan, don a unguwa ɗaya muke, ba zan iya haɗa ido da su ba.

Auwalu_RijiyarZaki:
Hajiya, ƙananan kaya daga dozin ne, fawa bank daga guda shida, kuma za ki iya gauraya kala. Garanti ya shafe ki. Wata ukun daga ranar da kika ɗauka yake farawa. Muna manna 'yar takardarmu mai lamba a jikin kowace, lambar tana cikin rasit. In takardar na nan, ba a buɗe ta ba, ba ta sha ruwa ba, ba ta fashe ba, za mu canza. Canji ne, ba mayar da kuɗi ba.

Hajiya_Binta_Kaya:
To ai in daga ranar da na ɗauka ne, wadda ta yi wata biyu a hannuna kafin ta fita, wata ɗaya ya rage wa mai saye ke nan.

Auwalu_RijiyarZaki:
Haka ne Hajiya. Ni ma wanda nake ɗauka a wurinsa daga ranar da kaya suka bar hannunsa yake ƙirga min. Shi ya sa gara ki ɗauki kaɗan-kaɗan.

Alh_Garba_Kwari:
Ka lura da wannan garantin fa. A unguwa mutum ɗaya ne zai dawo da abu ɗaya. A sari in kwali ya zo da matsala, gaba ɗaya zai dawo maka, kuma a mako ɗaya. Shin wanda ke ba ka kaya ya yarda a rubuce zai karɓa?

Auwalu_RijiyarZaki:
A baki ne Alhaji. Shekara huɗu muna tare bai taɓa ƙin karɓa ba.

Alh_Garba_Kwari:
Guda biyu, guda uku yake karɓa. Ka tambaye shi kwali.

Injiniya_Sabo:
A kan wannan, Auwalu, ka sayi 'yar na'urar gwajin nan da ake sawa tsakanin fawa bank da waya, mai nuna bolt da abin da ya wuce. Ba ta da tsada. Duk kwalin da ya zo ka zari guda ɗaya daga tsakiya, ba ta sama ba, ka cika ta, ka juye ta ta cikin na'urar har ta mutu. Mai 20,000 in ta ba ka 12,000 zuwa sama, kwalin ya wuce. In ta tsaya a 5,000, ka kira mai kayan tun ba ka sayar da ko ɗaya ba.

Ɗan_Tarauni:
Wannan ai talla ce ma. Ka ajiye na'urar a kan kanta, duk wanda ya saya a gwada masa a gabansa.

Injiniya_Sabo:
Ba zai yiwu a fawa bank ba, juyewar kaɗai tana cin awa shida. Wa zai tsaya? A caja da wayar caji ne ake gwadawa nan take, minti ɗaya ka ga abin da take bayarwa.

Musa_Funtua:
Tunda Injiniya na kusa. An ce caja mai wat 65 tana kashe batirin ƙaramar waya. Ni shi ya sa ban yarda kowa ya sa min waya a cajar kwamfuta ba. Auwalu ku riƙa faɗa wa mutane.

Injiniya_Sabo:
Malam Musa, caja ba ta yi wa waya ɗure. In ka jona, sai sun yi magana tukuna, wayar ta faɗi abin da take iya ɗauka, cajar ta ba ta daidai nan. In ba su ji yaren juna ba sai su koma bolt 5, caji ya yi ta tafiyar hawainiya. Shi ya sa za ka ga caja mai 65 ta gaskiya tana cika wata wayar a hankali. Samsung tana da tsarin da take so kafin ta rubuta maka Super fast charging. Da yawa cikin Tecno da Infinix sai da kan cajarsu da wayar cajinsu suke cikakken gudu. Ba lalacewa ba ce.

Wadda ke kashe waya ita ce cajar dubu ɗaya da aka rubuta mata babbar lamba, ciki kuwa ba abin da ke tace wuta. Alamarta, kana caji fuskar waya ta riƙa danna kanta, ko ka taɓa gefen wayar ka ji tana ɗan jan ka. Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ko janareta ya yi tari, ita ce ke ƙona wurin cajin, a kawo mana.

Musa_Funtua:
To ni dai tawa ta kumbura bayan na yi wata ina sa ta a babbar caja. Ban yarda ba ruwanta ba.

Injiniya_Sabo:
A ina kake ajiye ta in tana caji?

Musa_Funtua:
Gaban mota.

Injiniya_Sabo:
Gaban mota, a ranar Funtua. To Malam Musa.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum. Barka da arziki Malam Auwalu. Mu nan Maraɗi kayan waya da yawa daga Kano muke ɗaukowa. Kuna aikowa ta mota in an turo kuɗi? Kuma kuna karɓar sefa? Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 mun sha wuya, har zuwa Maris na 2024 kaya sai ta ɓarauniyar hanya, kuɗin ɗauko ya ninka. Yanzu ina neman mutum ɗaya tsayayye.

Auwalu_RijiyarZaki:
Wa alaikumus salam Malam Issoufou. Naira muke karɓa, ka canza ta wurin mutanenka ka turo. Muna kai wa direban da ka aminta da shi tasha, daga nan amana ta koma hannunsa. Amma garanti zuwa Maraɗi sai mun zauna, don kuɗin dawo da fawa bank biyu zai iya fin ribarsu.

Issoufou_Maradi:
Sai a tara su, in na zo da kaina in taho da su. Amma wata uku zai wuce.

Auwalu_RijiyarZaki:
Ka zo mu yi magana ido da ido.

Maman_Hanifa:
Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba kamar abu ɗaya. Auwalu jikinka ɗaya ne. Wa zai zauna a Rijiyar Zaki? Mu da muke zuwa, don kai muke zuwa. Ranar da na tarar da yaronka shi kaɗai, gilashin da ya manna min duk iska a ciki, ya kuma ce haka yake.

Auwalu_RijiyarZaki:
Ki yi haƙuri Maman Hanifa, ki kawo a sake miki. Ƙanina zai riƙe na unguwa, shekararsa uku tare da ni. Ni zan zauna kasuwa, in na tashi da yamma in biya ta can mu rufe lissafi.

Alh_Garba_Kwari:
Daga Tarauni zuwa Rijiyar Zaki da yamma, ka ratsa gari ke nan ta Kabuga. Sati biyu za ka yi ka fara cewa gobe. Ga abin da na koya bayan na yi asara. Kowane shago da littafinsa da asusunsa, kar tiransfar wannan ta shiga na wancan. In za ka ɗauki kaya daga kasuwa ka kai unguwa, ka rubuta su kamar ka sayar wa baƙo, da farashin sari. In ba haka ba shekara za ta ƙare ba ka san wane shago ke ciyar da wani ba. Ni tsohon shagona ne ya yi ta ɗaukar sabon wata goma sha huɗu, ina ta murna ciniki ya ƙaru.

Sannan ƙaninka, ka yanka masa kaso a riba, ba albashi kawai ba. Kuma ku ƙirga kaya duk Juma'a da safe. Ba don ɓarawo ba ne. Kayanku ƙanana ne, memori goma a aljihu ɗaya suke shiga, abokai kuma ba sa ƙarewa da "ba ni zan kawo". In ba ƙirga, ranar da aka ga giɓi zumunci ne zai biya.

Nura_Kurna:
Alhaji ni ban yarda da ba ɗan'uwa shago ba sam. Bare za ka iya kora. Ƙaninka in ya ci, Hajiyarku ce za ta kira ka ta ce ka yi haƙuri.

Hajiya_Binta_Kaya:
Bare kuma in ya gudu a ina za ka gan shi? Kowanne da nasa.

Ɗan_Tarauni:
Ni tambayar da ba wanda ya yi: me ya sa ma ka buɗe? In na unguwa yana ba ka 800 a wayar caji, me ka zo nema inda ake ba da 150?

Auwalu_RijiyarZaki:
Tambaya mai kyau. Cinikina na Rijiyar Zaki rabinsa na ɗaliban BUK ne. Yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na ga abin da ban taɓa gani ba. Akwai ranar da ban yi cinikin dubu uku ba. Ko ba yajin aiki, duk hutu haka nake zama. Tun lokacin na ƙudura sai na samu ƙafa ta biyu wadda ba ruwanta da makaranta.

Na biyu, ko yanzu kusan kullum sai na aiko yaro kasuwa ɗauko abin da ya yanke. In ina da sito a can, ina ɗaukar kwali goma maimakon biyu, farashin da kaya ke faɗo min zai sauka, na unguwa ma ya amfana. Wato ko sarin bai ba da riba mai yawa ba, 700 ɗin nan za ta iya komawa 620.

Alh_Garba_Kwari:
To wannan magana ce. Da ita ka fara da ban tsorata ba. Amma ka rubuta wannan naira 80 ɗin a littafin kasuwa, don shi ya jawo ta.

Sadiq_Gwale:
Kwali goma kuma dala ta sauka ka shiga uku.

Nura_Kurna:
Ko ta hau ka zama Alhaji. Waɗanda ke da kaya a ƙasa lokacin da aka saki naira a Yunin 2023 ai ba su yi kuka ba. Waɗanda suka yi kuka su ne suka sayar a tsohon farashi suna murna, suka koma sari kuɗin bai sayi rabin kayan ba.

Injiniya_Sabo:
Kwali goma a caja da wayar caji ba laifi, musamman mai bakin taif-si, tunda har iPhone ta koma kansa daga 15. Ba ya tsufa. Amma kar ka yi haka a riga da gilashi. Kowace waya da nata, kuma Tecno da Infinix da itel ba sa shekara ba su fito da sababbi ba. An matsar da kyamara kaɗan, rigar bara ta zama kwantai. Fawa bank ma ba a jibge ta, in ta daɗe a ajiye ba caji batirin yana lalacewa, balle a sito mai zafi.

Auwalu_RijiyarZaki:
Wannan na ɗanɗana. Ina da buhu guda na rigunan wayoyin da ba mai riƙe su yanzu. Ɗari bibbiyu na sa ba mai tayawa.

Bash_MaiAdaidaita:
Oga a raba mana su ranar buɗewa mana.

Zee_BUK:
Bash ai sai ka sayi wayar da za ta shiga ciki tukuna.

Maman_Hanifa:
Wani abu kuma, Allah ya kiyaye, gobara. An yi ta a kasuwar nan ranar babbar sallar 2025, mutane suna wurin idi da yanka dukiya tana ci. Kar ka tara duk jarinka wuri ɗaya.

Ɗan_Tarauni:
Gaskiya ne. Kuma kayanku masu batiri ne. Kar a bar komai a jone a tafi gida, ko gwajin da Injiniya ya ce, a yi shi da rana ana kallo. A kashe layin sola da inbata in za a rufe.

Auwalu_RijiyarZaki:
Amin, Allah ya tsare. Rabin kayan a gida za su kwana. Inshora kuwa an yi min maganarta, ban yanke ba tukuna.

Nura_Kurna:
Akwai ta takaful in shakkar halacci ce ta hana ka.

Sadiq_Gwale:
Su biya ɗin ne aiki.

Hajiya_Binta_Kaya:
Malam Auwalu ban ji amsar bashi ba. Alhaji ya ce masu sari za su nema. To ni ma mai nema ce. In na ɗauki na dubu hamsin na ba da talatin, za a jira ni sati biyu?

Auwalu_RijiyarZaki:
Hajiya kin sa ni a tsakiya, Alhaji yana kallo. Wata ukun farko ba bashi ga kowa, har sai na ga yadda kuɗi ke juyawa. Bayan nan wanda ya yi ɗauka uku da kuɗi a hannu za mu duba.

Alh_Garba_Kwari:
Na rubuta ranar da ka faɗi haka. Asabar ɗin zan leƙo in Allah ya kai mu, a ajiye min caja irin wadda ba ta jan mutum.

Bash_MaiAdaidaita:
Wane bene ne a ciki? Kuma akwai wurin ajiye adaidaita ko sai na bar ta bakin titi?

Auwalu_RijiyarZaki:
Zan saka hoton ƙofar shagon da kwatance ranar Juma'a da daddare. Adaidaita kam ka zo da wuri, bayan sha ɗaya ko babur da ƙyar yake samun wuri.